Wasiƙar Da Ke Raka Littafi Zuwa Wurin Edita Bayan An Sake Masa Zubi

Editan da ya karanta littafinka karon farko ba ya mayar maka da shi hannu rabbana. Yakan haɗo da bayanai: shafi na 40 ya yi tsawo, babi na bakwai ya zo da wuri, wannan tauraro ya ɓace tun tsakiyar labari ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duk waɗannan bayanai a jingine suke da lambobin shafi da na babi na kwafin da ya karanta. Ranar da ka sake wa littafin zubi, lambobin nan sun tashi aiki. Shafi na 40 ya koma na 31, babi na bakwai ya rabu biyu, rabinsa ya tafi ƙarshe. Idan ka tura masa sabon fayil ɗin da "Malam ga shi na gyara" kawai, ka tilasta masa ya karanta littafin daga fari, yana laluben inda maganarsa ta faɗa. Wasiƙar da ke raka sabon kwafi aikinta shi ne ta haɗa masa tsohon littafin da sabon, ta yadda zai san inda zai buɗe.

Da yawa daga marubutanmu ba su saba da ita ba, kuma akwai dalili. Littattafan da suka cika kasuwar Kano tun daga shekarun 1980 galibi marubutan ne ke buga abinsu da kuɗinsu, su kai wa dillalai, babu edita a tsakani balle a rubuta masa wasiƙa. Yanzu kuma labari a waya ake fara sakinsa, kashi-kashi. Sai ranar da marubuci ya nufi kamfanin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya ko maɗaba'ar wata jami'a sannan yake cin karo da mutumin da zai ce masa a rage, a haɗe, a sake jeri.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi. A ce wata marubuciya ta saki labarinta a waya cikin kashi 64, kalmomi kusan 92,000. Edita ya karanta ya nemi abubuwa uku: a mayar da kashe-kashen babi-babi, a rage tsawon, a kuma cire labarin ƙanwar tauraruwa domin yana janye hankali daga jigo. Ta zauna ta yi aikin, littafin ya dawo babi 20, kalmomi 71,000. Biyu ta yi, na ukun ta ƙi. Ga irin wasiƙar da ta dace ta rubuta:

"Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga sabon kwafin littafin, bisa shawarwarin da ka ba ni a wasiƙarka ta ƙarshe. Kashi 64 sun koma babi 20, kalmomin sun sauko daga 92,000 zuwa 71,000. Na haɗo da jadawalin da ke nuna kashin da ya shiga kowane babi.

"Babban sauyin yana farkon littafi. Labarin yarintar tauraruwa, wanda a da ya cinye kashi na 1 zuwa na 6, na ɗauke shi na kai babi na 5 a matsayin waiwaye, na kuma rage shi zuwa shafi tara. Yanzu littafin yana buɗewa ne da ranar da aka sake ta. Dalilina shi ne mai karatu yana shafe kusan shafi talatin kafin ya san matsalar da labarin ke ɗauke da ita. Wannan sauyi ya taɓa babi na 8 da na 13, inda a da ake ambaton kakarta kamar an riga an san ta. Na gyara wuraren, amma ina roƙon Malam ya sa ido a kansu.

"Labarin ƙanwar ban cire shi ba. Na rage shi daga kashi tara zuwa babi biyu, na 11 da na 16, domin ita ce ke kawo takardar gadon da ta warware rikicin a babi na 19. Idan ta fita, sai an sake ƙarshen littafin gaba ɗaya. In Malam ya karanta ya ga har yanzu tana da nauyi, a shirye nake mu sake tattaunawa. Na gode, Allah ya ƙara basira."

Abin da ya fi ƙima a wasiƙar nan shi ne jimlar da ta ambaci babi na 8 da na 13. Duk wanda ya taɓa ɗauke babi daga wuri zuwa wuri ya san ba shi kaɗai yake tashi ba. Mutumin da aka gabatar a babi na biyu, in babin ya koma na biyar, zai bayyana a na uku da na huɗu ba tare da an san ko wane ne ba. Kalmomi irin su "washegari" da "bayan wata uku" da "kamar yadda muka gani a baya" sai su rasa abin da suke nuni gare shi. Jaririn da aka raɗa wa suna a shafi na 90 sai a same shi yana rarrafe a na 60. A littafin ilimi abin ya fi muni, domin "duba babi na huɗu" da lambobin jadawali da na manazarta duk sai sun rikice. Marubuci ne kaɗai ya san inda ya yanka ya ɗinke, kamar tela da ya san inda ya saki riga. In ya nuna wa edita wuraren, edita zai duba su da idon da bai gaji ba. In ya yi shiru, ko dai edita ya gano da kansa bayan ya ɓata yini, ko kuma kuskuren ya kai ga mai karatu.

Sai maganar dalili. "Na ga ya fi kyau haka" ba dalili ba ne, domin edita ba shi da abin da zai auna a ciki. Dalilin da ke da amfani shi ne wanda ya faɗi abin da ke samun mai karatu: yana jira shafi talatin, yana rikita sunaye biyu, yana sanin sirrin kafin lokacinsa. Irin wannan edita zai iya buɗe littafin ya gwada, ya yarda ko ya musa. Jimla ɗaya ko biyu ta isa ga kowane sauyi. Wasiƙar da ta haura shafi biyu ta fara zama kare kai.

Inda kunya ke cutar da mu shi ne wurin shawarar da ba a bi ba. A tarbiyyarmu da wuya ƙarami ya dubi babba ya ce ban yi abin da ka ce ba, saboda haka sai marubuci ya tsallake batun da fatan ba za a lura ba. Za a lura. Editan yana da jerin abin da ya nema a gabansa, ɗaya bayan ɗaya zai bi, kuma in ya tarar da ƙanwar tana nan daram ba tare da bayani ba, abu biyu zai zata: ko ba a karanta wasiƙarsa ba, ko an raina ta. Marubuciyar misalinmu ta faɗi abin da ta bari, ta faɗi abin da zai rushe in an cire shi, ta bar ƙofa a buɗe. A ganina wannan ya fi shiru ladabi.

Akwai kuma gyaran fuska, wanda bai taɓa labari ba amma ya taɓa kowane shafi. Labarin da aka saki a waya yana zuwa da kayan da littafi ba ya ɗauka: gaisuwar masoya a kan kowane kashi, tunatarwar inda aka tsaya jiya, "mu haɗu a kashi na gaba". Cire waɗannan kaɗai yana rage dubban kalmomi, kuma ya kamata a faɗa wa edita, don kada ya ga an sauko da kalmomi 21,000 ya ɗauka duk daga naman labarin aka yanka. Layi ɗaya ya wadatar: kaza daga maimaici ne, kaza daga labarin yarinta, kaza daga na ƙanwa.

Haruffa masu ƙugiya su ma suna buƙatar layinsu. Mai rubutu a waya yakan sa k' da d' da b', wani ma q yake sawa a madadin ƙ. Ana iya juya su gaba ɗaya da Find and Replace a Word, amma sai an kunna Match case an bi manyan haruffa daban da ƙanana. Abin da na'ura ba za ta iya ba shi ne kalmar da tun farko aka rubuta ba alama: ba ta san ko "baki" ake nufi ko "baƙi" ba, ko "kafa" ko "ƙafa". Saboda haka a faɗa wa edita gaskiya, an juya da na'ura ne kawai ko an bi da ido. A kuma faɗa masa ko haruffan na Unicode ne, domin tsofaffin font na Hausa irin su Rabiat suna ɗora ƙugiyar ne a kan wasu maɓallan, in fayil ya je kwamfutar da ba ta da font ɗin sai alamomi su fito a wurin haruffa. Wanda zai buga a Nijar ya tuna can ƴ ake rubutawa, a Nijeriya kuwa 'y, sai ya ambaci wanda ya bi. Haka in an raba "shine" zuwa "shi ne" a duk littafin amma an bar Sakkwatancin wani tauraro da gangan, a faɗa, in ba haka ba mai duba rubutu zai "gyara" masa baki ya mayar da shi Bakano.

Wani zai ce ai Track Changes yana nuna komai, me ya kawo wasiƙa? Yana nunawa in gyaran na jimla ne. In an ɗauke shafi talatin an kai wani wuri an kuma rage su, abin da edita zai gani shi ne shafuka jajaye a nan, shafuka jajaye a can, ba tare da ya san wanne ne ya koma ina ba, kuma ba ya faɗin dalili. Abin da ya fi shi ne a tura kwafi mai tsabta, da jadawali ɗan ƙarami mai layi uku: tsohon kashi, sabon babi, abin da aka yi masa. In edita ya nemi mai alamun gyara sai a haɗa masa. Sunan fayil ma ya ɗauki kwanan wata, domin "na ƙarshe" da "na ƙarshe sabo" sun sha sa an buga kwafin da ba shi ba.

Jadawalin nan ba a daren turawa ake haɗa shi ba. Wanda ya bari sai ya gama aikin wata biyu sannan ya zauna tuno abin da ya matsar, rabi zai manta, kuma abin da zai manta shi ne ƙananan wuraren da suka fi buƙatar ido. Ka buɗe takarda a gefe tun ranar da ka fara gyara, duk babin da ka taɓa ka rubuta lambarsa ta da, da ta yanzu, da dalilinka a layi ɗaya. Daga wannan takarda za ka ciro wasiƙar, kuma kafin ka tura ka ɗauko jerin editan ka tabbatar kowace shawara tasa ta sami amsa, ko an bi ta ko ba a bi ba.