"A yafe" ko "a soke"? Yadda ake rubuta wa makaranta takardar gyaran rasit

Darasinmu na yau a kan takardar da uba ko uwa ke rubuta wa makaranta ne idan an yi kuskure a rasit ɗin kuɗin makaranta, har aka ɗora wa yaro bashin da ba a bin sa. A irin wannan takarda, kalma ɗaya tak tana iya sa mutum ya amsa bashin da bakinsa.

Mu ɗauki misali. Wani uba a Rido, can wajen matatar mai a ƙaramar hukumar Chikun, kuɗin zangon 'yarsa naira 45,000 ne. Ya tura 30,000 ta banki, daga baya ya kai 15,000 hannu da hannu. Mai karɓar kuɗi ya rubuta 5,000 a rasit na biyu, lamba ɗaya ta faɗi. Yanzu littafin makaranta na nuna saura 10,000, ga jarrabawa ta matso, ana shirin koro yarinya gida.

Da yawanmu abin da za mu rubuta shi ne: "Ina roƙo a yafe mini dubu goman nan." To, a nan ake yin ɓarna. Ba a yafe abin da babu. Wanda ya ce a yafe masa ya yarda ke nan ana bin sa, alfarma kawai yake nema, kuma makaranta na da damar ta ce a'a. Haka ma "a rage mini". Abin da uban nan yake so shi ne a GYARA rasit, a SOKE ragowar da aka rubuta bisa kuskure. Gyara na rasit ne, sokewa ta bashin ce, kuma dole a nemi duka biyun, don ana iya gyara takardar da ke hannunka a bar kuskuren yana zaune a littafin akanta.

Sai kalmar "bi". A Hausa mai kuɗi shi ke bi. "Makaranta tana bina" na nufin ni zan biya. "Ina bin makaranta" kuwa ita za ta biya ni. Uban nan ba ya bin kowa, ba a kuma bin sa, don haka jimlarsa ita ce: "Makaranta ba ta bina komai." A guji "akwai sauran kuɗina a wajenku", domin mai karatu zai ɗauka canji ake nema.

Ga yadda cikin takardar zai kasance, bayan adireshi da kwanan wata:

Zuwa ga Shugaban Makaranta,

Neman gyaran rasit da soke ragowar kuɗi

Bayan gaisuwa mai yawa, ni ne mahaifin (sunan yarinya), 'yar aji huɗu na firamare. Kuɗin zango na ɗaya naira dubu arba'in da biyar (45,000) ne, kuma na biya su duka a karo biyu. Ranar (kaza) na tura naira dubu talatin (30,000) ta banki. Ranar (kaza) na ba da naira dubu goma sha biyar (15,000) a ofishin akanta, amma a rasit mai lamba (kaza) an rubuta dubu biyar (5,000). Wannan ne ya sa aka nuna ana bina dubu goma (10,000).

Ina roƙo a duba lissafin kuɗin da aka karɓa a ranar, a ba ni sabon rasit, a kuma soke ragowar daga littafinku kafin a fara jarrabawa. Na haɗo da kwafin rasit biyun da shaidar banki. Na gode.

Ku lura da "an rubuta" da "aka nuna". Ba mu ce "kun rubuta" ko "akantanku ya cuce ni" ba. Wannan "an" ɗin da ba ya kama suna yana faɗin kuskure ba tare da nuna yatsa ba, kuma wanda zai gyara ɗin sau da yawa shi ne wanda ya yi kuskuren. Amma wajen biya kada a ce "an biya". A ce "na biya", a san wanda ya biya da ranar.

Kuɗin kuma a rubuta su da baƙaƙe da lambobi tare. "Dubu arba'in da biyar" da "dubu arba'in da ɗari biyar" kalma ɗaya ce ta raba su, amma tsakanin 45,000 da 40,500 akwai 4,500.

Wani hanzari: 30,000 ɗin na da shaidar banki, 15,000 na hannu kuwa rasit ɗin da ya kamata ya tsaya masa shi ne mai kuskuren. Shi ya sa muka nemi a duba lissafin ranar, don idan an ƙirga daidai za a ga rarar 10,000. In da wanda ya ga lokacin da aka miƙa kuɗin, a ambace shi a takardar.

Ko da Turanci makarantar ke karɓar takarda, a fara tsara ta haka kafin a juya. Ainihin rasit ya zauna a gida, kwafi za a kai, kuma wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafin takardar da za ka riƙe.