Farar zomanyar nan, Miffy ce ko wata ce daban?

A jikin jakunkunan makaranta da rigunan yara na gwanjo, ana yawan cin karo da wata farar zomanya mai dogayen kunnuwa. Da yawa kan ɗauka 'yar Japan ce, dangin Hello Kitty. Ba haka ba ne. Sunanta Miffy, a gida kuma Nijntje, kuma wani mai zane ɗan Utrecht ta ƙasar Holan, Dick Bruna, shi ya ƙirƙire ta a 1955. Farin zomo kowa na iya zanawa. Abin da ke bambanta nata da na saura shi ne ƙa'idojin da mai zanen ya ɗaure kansa da su, yana maimaita su littafi bayan littafi.

A fara da fuska. Idanun Miffy ɗigo biyu ne baƙaƙe masu tazara a tsakaninsu, can ƙasa kuma akwai 'yar alama mai siffar x, wadda ta wadatar a matsayin hanci da baki gaba ɗaya. Babu gira, babu gashin baki. Kuma kusan kullum fuskar na kallon mai karatu, ko da jikin ya nufi gefe tana tafiya ko tana tuƙa keke. Idan ranta ya ɓaci, Bruna ba ya murtuke mata fuska, ɗigon hawaye kawai yake sa mata. Duk zomon da aka gani yana dariya haƙora waje, ba nasa ba ne.

Layin zanen kuwa ya fi komai tona asiri, amma sai an matso da ido. Baƙi ne mai kauri, daga nesa kamar na'ura ce ta ja shi. Daga kusa sai a ga yana ɗan karkarwa, domin da buroshi da fenti yake jansa, sannu a hankali, kaɗan-kaɗan. Launin da ke cikin layin kuma ba shafa shi yake yi ba: takardu masu launi yake yankawa ya jera su. Shi ya sa ba a ganin inuwa ko wurin da launi ya dusashe ya shiga wani. Launukan ma ƙidayayyu ne: ja mai karkata zuwa ruwan lemo, da rawaya, da shuɗi, da kore, sai ruwan ƙasa da ruwan toka idan zanen ya buƙaci kare ko giwa. A ajiye wannan kusa da Peter Rabbit na Beatrix Potter, wanda ya fito a 1902 da shuɗiyar kwat da gashin jiki da aka zana da fentin ruwa, ko yaro ba zai haɗa su ba.

Inda ake rikicewa shi ne wajen Cathy, zomanyar da kamfanin Sanrio na Japan ya yi wa Hello Kitty a matsayin ƙawa. Fara ce, kunnuwanta a tsaye, idanunta ɗigo biyu, ga kai ya fi jiki girma. Amma a duba tsakiyar fuskar: hanci ne mai siffar ƙwai irin na Kitty, babu alamar x, sannan ga ƙullin ribom a ka. A ganina waɗannan sun isa mai lura ya raba su. Kotu dai ta ga kamar ta yi yawa. A Nuwamban 2010 wata kotu a Amsterdam ta goyi bayan Mercis, kamfanin da ke kula da haƙƙin zanen Bruna, ta hana sayar da kayan Cathy a Holan da Beljiyam da Luksambur. A shekarar da ta biyo baya ɓangarorin suka sasanta: Sanrio ya daina fitar da Cathy, suka haɗu suka ba da gudummawar yuro 150,000 ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Japan.

Sai dai kada a ɗauka Miffy ba ta taɓa canza kama ba. Ta 1955 kunnuwanta a karkace suke, ta fi kama da 'yar tsana ta ƙyalle. A 1963 ne ta sami siffar da aka santa da ita, cikin ƙananan littattafai masu tsawo da faɗi daidai, wajen santimita 16, hoto a shafi ɗaya, layi huɗu na waƙa a ɗaya shafin. Kunnuwan lokacin masu tsini ne. Da tafiya ta yi tafiya, tsinin ya dakushe, kan ya ƙara zama kewayayye, jikin ya gajarce. Saboda haka wanda ya tsinci littafin da bangonsa ya yage, ya duba kan kunnuwan: idan masu tsini ne, zanen na shekarun farko ne, ko da bugun na baya-bayan nan ne.