Ko Kun Sani? Dalilin da Ya Sa Tsofaffin Saƙonni Ke Ɓuya a Thunderbird

Idan aka nemi tsohon saƙo ta babban bincike a manhajar imel ta Thunderbird, manhajar ba ta bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, sai dai ta duba fihirisa, wato jerin kalmomin da ke cikin saƙonni da inda kowace kalma take, wanda aka adana a kwamfutar cikin fayil mai suna `global-messages-db.sqlite`. Wannan fayil yana iya lalacewa idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a cikinsa, kuma daga nan sai bincike ya riƙa dawowa babu komai, alhali saƙonnin suna nan lafiya lau.

Ana gane matsalar ne idan aka buɗe foldar da saƙon yake, aka rubuta kalma ɗaya daga kan maganarsa a `Quick Filter`, wanda ba ya dogara da wannan fihirisa. Idan saƙon ya fito a nan amma babban bincike ya kasa gano shi, to fihirisar ce abin zargi. Gyaran shi ne a rufe manhajar, a goge fayil ɗin daga foldar furofayil, sannan a sake buɗewa, domin manhajar za ta gina sabuwar fihirisa da kanta, aikin da kan ɗauki sa'o'i idan saƙonnin suna da yawa. Sai dai ba za ta shigar da kalmomin cikin saƙon da ba a sauke shi a kwamfutar ba.