Kafin Ka Ɗauki Hoton Hajarka, Fara Rubuta Shi

Mai sayen jaka a Kasuwar Kurmi ba ya tsayawa karanta komai. Zai ɗauke ta ya jujjuya, ya zuge zif ya leƙa ciki, ya ja maratayi ya ji ƙwarinsa, wani ma har sai ya shinshina fatar. Wanda ke saye ta waya kuwa ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Abu biyu ne kawai a gabansa: abin da mai kaya ya rubuta, da hotunan da ya ɗora. Matsalar ita ce masu sana'a da yawa kan yi waɗannan biyun kamar ba su san juna ba. A ɗauki hoto goma duk ta gaba ɗaya, a zaɓi waɗanda suka fi ƙyalli, sannan a zauna a rubuta bayani daban. Rubutu ya ce akwai aljihu a ciki, amma babu hoton da ya buɗe jakar.

Hanyar da ta fi ita ce a juya aikin. A fara da rubutu, sannan a nema wa kowace magana da ke cikinsa hoton da zai tsaya mata shaida, tunda gani ya kori ji.

Mu ɗauki misalin wata mai sayar da jakunkunan fata da ake ɗinkawa a Kano. Ga abin da ta rubuta a kan ɗaya daga ciki: jakar mata ce ta fatar akuya, ja mai duhu, ɗinkin hannu. Faɗinta santimita 30, tsayinta 22. Ana iya ƙara wa maratayin tsawo ko a rage. Shafin ciki na atamfa ne, da aljihu ɗaya mai zif. Fatar tana da ɗan tabo na halitta nan da can.

Kafin ta taɓa waya, sai ta ɗauki biro ta ja layi ƙarƙashin duk maganar da mai saye zai iya cewa "ina shaida?" Launi ɗaya ne. Girma, biyu. Sai ciki da aljihunsa, sai maratayi, sai ɗinkin hannu, sai tabon nan. Shida ke nan. A gaban kowace sai ta rubuta jimla guda da ke faɗin abin da hoton zai nuna, misali "jakar a buɗe, ana ganin shafin atamfa da aljihu mai zif." Wannan takardar ita ce tsarin ɗaukar hoton. Tana da wani amfani kuma: duk hoton da ta kasa rubuta masa jimlarsa ta kansa, wadda ba maimaicin ta wani ba, to hoton ba shi da aikin yi. Mutanen da ke sayen data da awo ba za su gode maka ba don ka sa sun buɗe hoto huɗu iri ɗaya.

Hoton farko shi ne mafi wahala, domin shi kaɗai ke fitowa a jerin kaya, ɗan ƙarami, tsakanin na wasu masu sayarwa. Aikinsa ɗaya: a gane mene ne wannan tun kafin a danna. Don haka jakar kaɗai, gaba ɗayanta, ta gaba, a kan farin abu ko wani launi marar hayaniya. Ba kwalbar turare a gefe, ba takalmi, domin duk abin da ya shiga hoton farko wani zai zaci har da shi ake sayarwa. Manyan kasuwannin intanet sun mai da wannan doka. Amazon, alal misali, tana so bayan hoton farko ya zama fari fat, kayan kuma su cika kashi 85 cikin 100 na hoton. Ko ba a can kake sayarwa ba, ma'aunin yana da kyau. Sai dai a bar ɗan fili ta kowane gefe, saboda manhajoji da yawa kan datse hoton ya koma murabba'i, kuma abin da ya fi kusa da baki shi ake fara yankewa. A jaka, maratayi ne ke tafiya.

Launi kuwa a nan ake yawan samun rigima. Kwan lantarki mai haske rawaya-rawaya yakan mai da ja mai duhu ya koma kamar ruwan goro, tsakar rana kuma ta wanke launin ta bar inuwa mai kaifi. Inuwar baranda ko bakin taga da safe ta fi, a kashe fitilar ɗaki da ta wayar. Gwajin mai sauƙi ne: a ajiye farar takarda kusa da jakar a ɗauki hoto ɗaya. In takardar ta fito fara, launin jakar ma ya kusa gaskiya. In ta fito da rawaya ko shuɗi-shuɗi, a canja wuri. Kada kuma a matso da waya daf da kaya, domin kyamarar waya takan kumbura abin da ya fi kusa da ita, sai jaka mai kusurwa huɗu ta fito da tumbi. A ja baya taku biyu a daidaita wayar da tsakiyar jakar.

Daga nan jerin ya bi tambayoyin mai saye yadda suke zuwa masa. Bayan "mene ne?" sai "yaya girmanta?" Lamba ba ta cika shiga kai ba. Mutum zai karanta santimita 30 amma a ransa ya hango abin da ya ninka haka. Saboda haka hoto na biyu shi ne jakar rataye a kafaɗar mutum, wanda kuma ya nuna inda maratayin ke kaiwa. Na uku shi ne ciki, a buɗe, da waya da ƙaramin littafi a zaune a ciki. A nan akwai tarkon da ya kamata a lura da shi. Takardar A4 santimita 21 ce da 29.7. Ma'aikaciyar ofis za ta ga 30 da 22 ta ce ai takardunta za su shiga, alhali wannan awon na waje ne, ɗinki da kaurin fata sun ci wani abu daga ciki. Hoton ciki da tef ɗin tela a shimfiɗe a bakin jakar zai raba gardama, kuma ya kamata awon cikin ya koma cikin rubutun ma. Sau da yawa tsara hoto ne ke tona inda bayani ya yi giɓi.

Na huɗu da na biyar na kusa ne: ramukan maratayi da ƙarfen da ke riƙe shi, sai layin ɗinkin. Na shida shi ne tabon. Wasu kan ce me zai sa in nuna aibin kayana? A ganina wannan hoton ya fi sauran biyan kuɗinsa. Wadda ta ga tabon kafin ta biya ta riga ta yarda da shi. Wadda ta fara ganinsa bayan ɗan aike ya miƙa mata kaya kuwa gani take an cuce ta, kuma kuɗin mayarwa a wuyan mai kaya zai ƙare. Ba a sa shi farko, amma ba a ɓoye shi.

Yanzu jimlolin nan shida da aka rubuta tun farko sun zo wurin aikinsu na biyu. Kowane hoto a intanet yana da wani gurbi da ido ba ya gani, inda ake rubuta abin da ke cikinsa. A manhajoji sunan gurbin `Alt text`, wato rubutun da ke tsayawa a madadin hoto. Makafi da masu raunin gani suna amfani da waya ta hanyar manhajar da ke karanta musu allo da murya, TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone. In manhajar ta iso hoto, wannan rubutun take karantawa. In babu, sai ta ce "hoto" kawai ta wuce, ko ta karanto sunan fayil mai tarin lambobi. A shafuka da yawa rubutun ne ke bayyana idan sabis ya yi rauni hoto ya ƙi buɗewa, Google ma yana dubansa don ya gane abin da hoton ya ƙunsa. A Amurka maganar ta kai kotu: a 2006 ƙungiyar makafi ta ƙasar ta yi ƙarar kantin Target saboda shafinsa ba ya amfanuwa gare su, rashin wannan rubutu yana cikin koke-koken, a 2008 aka sasanta a kan dala miliyan 6. Instagram ta buɗe gurbin a 2018, amma yana ɓoye cikin ƙarin saituna, sai an neme shi. Mai shafin kansa kuwa ga yadda yake a rubuce:

```html
<img src="jaka-ja-ciki.jpg"
     alt="Cikin jakar a buɗe: shafin atamfa shuɗi da aljihu ɗaya mai zif">
```

Yadda ake rubuta shi, ka ɗauka kana gaya wa wani ta waya abin da ke gabanka. Na hoton farko ya ambaci kayan sosai: "Jakar mata ta fatar akuya, ja mai duhu, mai murfi da dogon maratayi." Sauran kuma kowanne ya faɗi sabon abin da ya zo da shi kawai: "Jakar rataye a kafaɗa, ta sauko daidai ƙugu." "Tabo ƙarami mai haske a kusurwar ƙasa ta hagu." Ba sai an fara da "hoton kaza" ba, manhajar ta riga ta sanar cewa hoto ne. Jimla ɗaya ta isa. Shopify, wadda mutane ke buɗe kantin intanet a kanta, tana ba da shawarar kada a wuce harafi 125.

Kuskuren da aka fi yi biyu ne. Na farko, a kwafi sunan kayan a liƙa a duka hotuna shida, sai mai sauraro ya ji magana ɗaya sau shida bai ƙaru da komai ba. Na biyu, a cusa kalmomin talla don jawo Google: "jaka mai kyau, jaka mai araha, jakar amare, jakar Kano." Wanda ke sauraro da kunne bai san ko jakar na da murfi ba, Google kuma da kansa yana gargaɗi a kan irin wannan cushe. Farashi da lambar waya ma ba nan ne wurinsu ba, domin ba su ne abin da hoton ke nunawa ba. Akasin haka, in an rubuta wani abu a jikin hoton, kamar awo da kibiyoyi, dole lambobin su shiga rubutun madadi, su kuma kasance cikin babban bayanin, don kada a dogara da cewa manhaja za ta iya karanto rubutun da ke jikin hoto. Inda babu gurbin sam, kamar hoton da aka tura wa kwastoma a WhatsApp, jimlar nan sai ta zama rubutun ƙasan hoto.

Ana iya gwada aikin kafin a saki. A karanta wa wani jimlolin shida a jere ba tare da ya ga hotunan ba, a ce ya kwatanta jakar. In ya tambayi abin da hoto ya nuna, jimlar ce ta gaza. In ya tambayi abin da babu hotonsa, to da sauran hoto ɗaya. Haka nan duk ranar da sabon kaya ya zo, a sake duba ukun tare. Mai ɗinki yakan canja atamfar shafi in wancan yadin ya ƙare, sai a gyara bayani a manta da hoto na uku, rubutun madadinsa kuma ya ci gaba da cewa shuɗi alhali jakar da ke hannu shafinta kore ne.