Gashi mai murɗewa: Yadda ake zaɓen gajeren aski ba tare da jawo ƙurajen ƙeya ba

A shagunan aski na birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya, matashi kan miƙa wa mai aski hoton wani ɗan ƙwallo a waya, ya ce irin wannan yake so. Sau da yawa abin da ya gani a madubi daga baya ba ya kama da hoton, domin tsawon da aka bari ne ke nuna yadda murɗewar gashi za ta fito.

Gashin yawancin mutanenmu yana tsirowa ne daga lanƙwasasshen tushe, shi ya sa yake naɗewa tun yana gajere. A kilifa, lamba 1 tana barin kimanin milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 kuma milimita 10. A lamba 1 silin bai kai ya zagaya ba, don haka kai yakan fito sumul. A lamba 2 yake fara kwanciya layi-layi idan ana bin sa da buroshi. Daga lamba 3 zuwa sama ne ƙananan naɗe-naɗen ke bayyana. Saboda gashin yana takurewa idan ya bushe, ya fi kyau a taje shi a bushe kafin a yanke, musamman a lokacin hunturu.

Abu na biyu shi ne inda saisayen zai fara raguwa. Idan aka tsayar da raguwar a ƙeya da gefen kunne, kai yakan riƙe siffarsa, kuma ta fi dacewa da mai doguwar fuska. Idan aka haura da ita sama, fuska takan ƙara tsawo. Ga mai sanya hula kullum, wannan ƙasan ne kaɗai mutane ke gani.

A ɗauki misalin ɗalibin da ya bar lamba 3 a sama, amma ya sa aka share masa ƙeya da reza. Silin da aka yanke dab da fata yana da kaifin baki, kuma da yake a lanƙwashe yake tsirowa, yana iya komawa cikin fata. Bayan 'yan kwanaki sai ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje su biyo baya. Idan aka ci gaba da aske wurin, bakin hula ko wuyan riga kuma na gugarsa, ƙurajen na iya taurara su zama tabon da gashi ba ya sake tsirowa a kansa.

Mafita gare shi ita ce lamba 3 a sama, lamba 2 a gefe, a ƙare da lamba 1 a ƙeya, ana bin inda gashi ya kwanta, ba tare da reza ba. Ƙurajen da suka taurara ko suke fitar da mugunya kuwa, na likitan fata ne, kuma ya kamata a dakatar da aske wurin har sai ya duba.