Wata huɗu kamfanin inshora ya yi shiru: yadda ake kai ƙararsa gaban hukuma

Karɓar kuɗin inshora ba ya ɗaukar kamfani minti goma. Ranar da aka zo biyan diyya ne wasu kamfanonin ke zama kurame. A buga waya a ce manaja ya shiga taro, a je ofis a ce fayil yana hedikwata a Legas, a aika wasiƙa ta shige kamar an jefa dutse a rijiya. Da yawa daga cikin masu asara nan suke sarewa, su ce sun bar wa Allah, alhali akwai hukumar da aikinta ke nan ta tilasta wa kamfanin ya buɗe baki.

Ita ce Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NAICOM. An kafa ta a 1997, hedikwatarta na Garki a Abuja, tana da ofisoshi a wasu biranen ciki har da Legas da Kano. Ita ke ba kamfanonin inshora da na takaful lasisi, ita ke iya karɓe shi, kuma tana da sashe na musamman da ke sauraron koken jama'a. Sai dai jami'in da zai buɗe takardar koke bai san mai ita ba, bai ga gobarar ba, bai ji zafin zirga-zirgar da aka sha ba. Abin da zai iya aiki da shi kawai shi ne: me ya faru, a wace rana, kuma ina shaida? Shi ya sa jerin kwanan wata ya fi dogon bayani amfani.

A ɗauki misalin wani mai sayar da yadi a Kano, wanda ya yi wa shagonsa inshorar gobara, wuta kuma ta cinye masa kaya na naira miliyan goma. Misali ne kawai, amma ga yadda jerinsa ya kamata ya fito a takardar koke:

12 ga Fabrairu 2024: gobara ta tashi a shago da dare. Rahoton hukumar kashe gobara, shaida ta 1.

13 ga Fabrairu: na sanar da reshen kamfani a rubuce. Kwafin wasiƙa mai hatimin karɓa, shaida ta 2.

26 ga Fabrairu: na miƙa fom ɗin neman diyya, da rasitan sayen kaya, da littafin lissafin shago, da hotuna. An buga hatimi, an ba ni lambar fayil. Shaida ta 3.

7 ga Maris: mai ƙiyasta asara da kamfani ya turo ya zo ya duba shago. Bai nemi ƙarin wata takarda ba.

2 ga Afrilu da 6 ga Mayu: wasiƙun tuni biyu, ta imel da ta hannu. Babu amsa. Shaida ta 4 da ta 5.

3 ga Yuni: wasiƙa ga shugaban kamfani, na ba da kwana 14. Rasit ɗin kamfanin aika saƙo, shaida ta 6. Babu amsa.

24 ga Yuni: wannan koke.

Layi bakwai ne, amma duk ƙarfin koken yana kan ɗaya daga ciki, wato 26 ga Fabrairu. Dokar inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin, ta ce a sashe na 70 idan kamfani bai yarda zai biya ba, dole ya rubuta wa mai neman diyya dalilinsa cikin kwana 90 daga ranar da aka miƙa masa buƙatar. Ƙirga daga 26 ga Fabrairun 2024, kwana 90 ya cika ranar 26 ga Mayu. Ke nan ranar da mai yadi ya rubuta kokensa kwana 119 sun shuɗe, kamfani ya zarce wa'adi da kwana 29. Jumla guda da ta faɗi wannan lissafi ta fi shafi uku na "sun wulaƙanta ni" tasiri, domin ta mayar da zancen daga ɓacin rai zuwa saɓa doka.

Wannan rana kuwa ba ta tabbata sai da hatimi. Mai hankali yana zuwa ofis da kwafi biyu na kowace takarda, ya miƙa ɗaya, ya tsaya a buga wa ɗayan hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, ya naɗe abinsa ya tafi da shi. Idan magatakarda ya ce ba sa yin haka, sai a koma a aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit, ko ta imel zuwa adireshin kamfanin na hukuma. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a damƙa wa ejan ɗin da ya sayar da inshorar takardu hannu da hannu, saboda sanayya, ba tare da wata shaida ba. Bayan wata uku kamfani ya ce bai taɓa ganinsu ba, kuma babu mai iya ƙaryata shi. Haka kiran waya yake. Ko an yi sau hamsin, ba ya shiga jeri a matsayin hujja sai in an bi shi da gajeren saƙo a ranar: "Kamar yadda muka yi magana yau da ƙarfe sha ɗaya, kun ce za ku ba ni amsa ranar Juma'a."

Akwai dabarar da wasu kamfanoni ke yi wadda jerin kwanan wata ke tona wa asiri, wato neman takardu ɗaya bayan ɗaya. Yau a nemi rasit, bayan wata guda a nemi bayanin asusun banki, bayan wani watan a ce sai an kawo takardar hayar shago, kowane lokaci a ce fayil bai cika ba. Idan aka jera ranar da aka nemi kowace takarda da ranar da aka kai ta, mai karatu zai gani da idonsa wa ke jan ƙafa. Amma a nan gaskiya ta zama wajibi. In mai koke ne ya yi mako shida bai kai abin da aka nema ba, ya rubuta hakan. Hukuma za ta aika wa kamfani koken ta nemi martaninsa, kamfani kuma yana da nasa fayil. Kwanan wata guda da aka murɗe ya isa ya sa a daina gaskata sauran.

Shirun kamfani iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Na mai yadi shi ne wanda ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Na biyu shi ne wanda kamfani ya amince, ya faɗi adadin da zai biya, ya fitar da baucar biyan diyya aka sa hannu, sannan kuɗi suka ƙi fitowa. A dokar 2003 wannan ma yana da nasa wa'adin kwana 90, daga ranar da aka fitar da baucar, kuma in ya wuce mai haƙƙi na iya roƙon hukuma ta biya shi daga kuɗin ajiyar da doka ta wajabta wa kowane kamfanin inshora ya ajiye a Babban Bankin Najeriya. Wanda ke wannan hali ya sa ranar baucar a tsakiyar kokensa. A kuma karanta ta da kyau kafin a sa hannu, domin galibi tana cewa an karɓi adadin a matsayin cikakken biya na ƙarshe. Wanda bai gamsu da adadin ba ya faɗi haka a rubuce tun kafin alƙalami ya taɓa takarda.

A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003. Don haka mai sabon koke ya dogara da wa'adin da ke cikin sabuwar dokar da kuma wanda ke cikin takardar yarjejeniyarsa, ya ambace su da lambar sashe. Tsarin jerin bai canza ba.

Ita kanta wasiƙar bai kamata ta wuce shafi biyu ba. A sama suna da adireshi da lambar waya, sunan kamfani da reshensa, lambar yarjejeniyar inshora, lambar fayil, da adadin da ake nema. Sai jerin kwanan wata, sai jumlar lissafin wa'adi. Daga ƙarshe a faɗi abin da ake so a fili: hukuma ta umarci kamfani ya biya, ko ya rubuto dalilin ƙin biya, ya kuma ba da kwafin rahoton mai ƙiyasta asara. Mutane da dama sukan manta da wannan ɓangare, su zayyana ƙuncinsu su rufe da "a taimaka mini", jami'i ya rasa me zai umarta. Kwafi ake haɗawa, na asali su zauna a gida. Cikinsu lallai a sa rasit ɗin biyan kuɗin inshora, saboda ƙa'idar Najeriya ita ce wanda bai biya kuɗin ba ba shi da kariya, kuma nan ne kamfani zai fara leƙawa. Wanda Turancinsa bai kai ba ya tsara kwanakinsa da Hausa, ya sa wanda ya amince da shi ya rubuta masa, a karanta masa kafin ya sa hannu. A aika wa kamfani kwafi, in kuma ta hannun dillalin inshora aka shiga, shi ma a sa shi a ciki, don bin diyya yana cikin aikinsa.

Hukuma tana da iyaka. Tana iya sa kamfani ya amsa, ta kira ɓangarorin biyu zama, ta hukunta kamfanin da ya saɓa ƙa'ida, amma ba za ta sake rubuta yarjejeniya ba. A ce kayan shagon mai yadi sun kai naira miliyan 20, shi kuma inshorar miliyan 12 ya yi don rage kuɗin da zai riƙa biya. Yarjejeniyar gobara yawanci tana da sharaɗin cewa a irin wannan hali gwargwadon abin da aka yi wa inshora za a biya, wato kashi 60 cikin ɗari. Asarar miliyan goma sai ta koma miliyan shida, kafin a cire ɗan kason da aka yi sharaɗi mai shago zai ɗauka da kansa. Koke zai iya fitar masa da miliyan shidan daga hannun kamfanin da ya yi gum, ba zai mayar da su goma ba. Haka kuma wanda ya sayi takardar bogi a bakin titi, daga kamfanin da ba shi da lasisi, maganarsa ta 'yan sanda ce. Kuma ƙofar kotu tana nan a buɗe, sai dai shigar da ƙara yana da wa'adi, kada jiran hukuma ya sa a bari ya wuce ba tare da an tuntuɓi lauya ba.

Duk wanda kamfani ya gajiyar da gafara sa bai ga ƙaho ba, ya zauna yau ya tattaro wasiƙunsa da rasitansa da saƙonnin wayarsa, ya jera su bisa kwanan wata, ya nemo ranar da ya miƙa cikakkun takardu. In babu shaidar wannan rana, ya sake miƙa su gobe, ya karɓi hatimi, sannan ya fara ƙirga.