Hawa Huɗu na Tsarin Ma'aikata: Inda Sabon Manazarci Zai Fara Duba

Mu ɗauka wata baiwar Allah ta je reshen bankinta ta canza lambar waya. Ma'aikaci ya shigar da sabuwar a gabanta, amma bayan mako guda alat na ci gaba da zuwa tsohon layin. Manaja zai ce matsalar na'ura ce, a kira injiniyoyi. Kai da aka ɗauka aikin nazarin tsari, kada ka yi saurin yarda da shi.

Masu wannan fanni suna kallon kowace babbar ma'aikata kamar bene mai hawa huɗu: harkar aiki a sama, sai bayanai, sai manhajoji, sai na'urori a ƙasa. Rabon ya shahara ne ta hanyar TOGAF, kundin da ƙungiyar The Open Group ta fara fitarwa a 1995, wanda ya haɗa bayanai da manhajoji a mataki guda saboda kusancinsu. Daga sama ake fara bincike.

A hawan harkar aiki babu maganar kwamfuta ko kaɗan. Wa ke da ikon canza lambar mutum? Wace shaida zai nuna, kuma wa zai sa hannu? Amsar tana da nauyi, domin kamfanonin waya sukan sake sayar da layin da aka daɗe ba a amfani da shi, ka ga ke nan wani baƙo na iya karanta shige da ficen kuɗin matar nan. Idan ka tambayi rassa biyu suka ba ka amsa iri biyu, to matsalar tana nan sama, kuma babu manhajar da za ta gyara ta.

Hawan bayanai shi ne inda nake so ka daɗe, don a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Tambaya ta farko mai sauƙi ce: lambar wayar ta mutum ce ko ta asusu? A Najeriya bambancin a fili yake. BVN, mai lambobi 11, wanda aka ƙaddamar a 2014, mutum yake nunawa, ita kuwa lambar NUBAN mai lambobi 10 asusu take nunawa. Matarmu na iya samun asusu uku a ƙarƙashin BVN ɗaya. Idan bankin ya maƙala lambar waya a jikin kowane asusu, ma'aikacin ya gyara ɗaya ne kawai, biyu na nan da tsohon layi. Tambaya ta biyu ita ce: idan an ajiye lambar a wurare da yawa kuma suka saɓa, wanne ne na asali? Dole a samu wuri guda da kowa ya yarda shi ne madogara, da kuma sashen da za a tuhuma idan ya lalace. Za ka sha mamakin yadda manya ke yin shiru idan ka tambayi sunan wannan sashen.

Daga nan sai manhajoji. A ce bankin yana da uku: babbar manhajar da ke riƙe da asusu, mai aika alat, da ta wayar hannu. Zana jadawali, ka jera bayanai a gefe, manhajoji a sama, sannan ka rubuta a kowane gida ko manhajar tana ƙirƙira, tana karantawa ko tana gyarawa. Duk layin da ka ga manhajoji biyu suna gyara abu ɗaya, ka ja masa jan biro. Sai ka bi yadda bayani ke tafiya tsakaninsu. A misalinmu, mai yiwuwa manhajar alat tana kwafar lambobi sau ɗaya cikin dare, kuma wanda ya rubuta aikin kwafar ya sa shi ɗauko sababbin asusu kawai, ya manta da gyare-gyare. Na'ura tana aiki lafiya lau, abin da aka ce ta yi ne bai cika ba.

Hawan ƙasa shi ne sabobi, rumbun ajiya, layukan sadarwa da wutar lantarki. Alamar cutarsa ba ta ɓuya: kowa yana shan wahala lokaci guda, kamar jinkirin ƙarshen wata idan albashi ya shigo. Kuskuren da ke bin wasu mutane kaɗai, kullum iri ɗaya, da wuya ya zama nasa.

Sai dai iyakokin hawan nan ba su da kaifi, musamman yanzu da ake hayar manhaja da sabar tare daga wani kamfani. Zane ma yakan tsufa da wuri, wanda aka yi bara na iya yaudararka bana. Saboda haka kafin ka amince da kowace taswira da aka miƙa maka, je ka zauna kusa da ma'aikacin kanta, ka kalli yadda yake canza lamba ɗaya tun daga fom har zuwa alat.